Daga Hoton Rasit Zuwa Jerin Kaya da Farashi: Yadda Ake Tabbatar da Lissafin Ya Rufe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan abinci nake da shi a Zariya, kuma duk sayayyar da muka yi ina ɗaukar hoton rasit ɗin da waya. Ɗana ya nuna min yadda waya ke kwafo rubutu daga hoto, amma in na zuba a Excel sai kaya da farashi su cakuɗe, jimlar kuma ta ƙi yin daidai da ta rasit. Yaya zan mayar da hoton ya zama jeri mai tsafta da zan iya dogara da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Wayar ba lissafi take yi ba, siffar haruffa take kallo ta yi hasashe. Shi ya sa ko a hoto mai kyau za ta iya ɗaukar 8 a matsayin 3 ba tare da ta nuna miki wata alama ba. Abin da zai cece ki shi ne rasit yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa. Adadi sau farashi dole ya ba da kuɗin layi, kuɗin layuka dole su haɗu su ba da jimla, jimlar kuma dole ta yi daidai da abin da ya fita daga asusunki. Saboda haka aikin naki kashi biyu ne, kwafo lambobin da kuma sa rasit ɗin ya binciki abin da aka kwafo. Na biyun ne yawancin mutane ke tsallakewa, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Hoton dai a taƙaice. Rasit ɗin da na'urar kanti ke fitarwa ba tawada aka buga shi da ita ba, takarda ce mai sinadari da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa ta. Ki karce ta da farce za ki ga layi mai duhu ya fito. Rana, zafin kicin, mai da gumin hannu duk suna dusashe ta, don haka a ɗauki hoton ranar da aka yi sayayyar. Ki shimfiɗa shi a kan abu mai duhu, ki danne gefunan don ya miƙe, wayar ta tsaya daidai samansa ba a karkace ba, kuma kada ki kunna fitilar kyamara domin takardar tana sheƙi. Idan rasit ɗin dogo ne, ki ɗauke shi kashi biyu, layi ɗaya ko biyu su maimaitu a hotunan biyu don ki san inda za ki haɗa. Kan rasit mai sunan shago da lamba da kwanan wata, da kuma ƙasansa mai jimla, lallai su fito. In yaron shago ne zai turo miki ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin Document, saboda turawa ta hanyar hoto tana matse shi, ƙananan lambobi su yi dishi-dishi.

Cakuɗewar da kike gani kuma tana da dalili. Google Lens da makamantansa suna kwafo rubutu ne zalla, sau da yawa su karanta sunayen kaya daga sama har ƙasa, sannan su dawo su karanta farashi daga sama har ƙasa. Da zarar sunan wani kaya ya yi tsawo ya gangara layi na biyu, sai sunaye su zama takwas, farashi bakwai, kowane kaya ya ɗauki kuɗin maƙwabcinsa. A cikin Excel akwai abin da ake kira Data from Picture, wanda aka yi shi musamman don ya ajiye kowace lamba a gurbinta, kuma yana nuna miki guraben da yake shakka a kansu kafin ki amince. Shi ya fi dacewa da rasit. Amma in kayan ba su wuce biyar ko shida ba, ni dai shawarata ki buga su da hannu, ya fi sauri.

Ko ta wace hanya lambobin suka shigo, ki shirya shafinki sahu takwas a tsaye. A kwanan wata, B lambar rasit, C sunan kaya, D adadi, E farashin ɗaya, F kuɗin layi kamar yadda yake a rasit, G dubawa, H rukunin kashe kuɗi. Kowane kaya layinsa guda. Kada ki rubuta alamar naira ko N ko # a cikin gurbin kuɗi, lamba zalla kawai. Abu ɗaya da nake so ki riƙe sosai game da sahun F shi ne ki kwafe shi daga rasit, kada ki sa Excel ya lissafa miki shi. Idan kika bar shi ya ninka D da E ya cika F da kansa, kin rasa mai shaida, domin kuskuren da ke cikin farashi zai wuce kai tsaye cikin jimla ba abin da zai tare shi.

Mu ɗauki misalin rasit irin wanda gidan abinci zai karɓo daga babban kanti. Ga abin da ke kan takardar:

```
RICE 50KG        2   68,000   136,000
FLOUR 50KG       1   56,500    56,500
VEG OIL 25L      1   72,000    72,000
SALT 500G       12      350     4,200
TAKEAWAY PK *    4    8,600    34,400
NYLON ROLL *     5    1,800     9,000
DETERGENT 1KG *  6    2,350    14,100
SUBTOTAL                      326,200
DISCOUNT (RICE)                -3,000
VAT 7.5%                     4,312.50
TOTAL                      327,512.50
```

A ce rasit ɗin ya kwana a aljihu ya ɗan lanƙwashe, wayar ta karanta shi, kika zuba kayan bakwai a layi na 2 zuwa na 8. Ga ido komai lafiya. Sai kika haɗa sahun F, ya ba ki 256,800 a maimakon 326,200. Giɓin ya kai 69,400, kuma duk duban da za ki yi ba za ki ga kaya mai wannan kuɗin ba. Dalili shi ne kurakurai da yawa ne suka haɗu, wani ya rage, wani ya ƙara. A nan mutane ke gajiya su ce na'urar ba ta aiki. Abin yi shi ne a ware su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙananan umarni uku sun isa:

```
=COUNT(F2:F8)
=D2*E2-F2
=SUM(F2:F8)
```

Na farko yana ƙirga guraben da ke ɗauke da lamba ta gaskiya. Kaya bakwai ne, amma ya ce 6. Ki duba sahun F za ki ga kuɗin man gyaɗa ya jingina ta hagu alhali sauran suna dama. Wayar ta rubuta 72,O00 da harafin O a wurin sifili, Excel ya ɗauke shi rubutu, umarni na uku kuma, wato SUM da ke haɗa sahun F, ba ya haɗa rubutu, tsallake shi yake yi shiru. Wannan kuskuren yana yawan faruwa, kuma yana ruɗa mutum sosai saboda lambar tana nan ana ganinta. Da kika goge kika buga 72000 da hannu, jimla ta koma 328,800. Yanzu ta wuce ta rasit da 2,600.

Umarni na biyu ki sa shi a G2 ki ja shi har G8. Duk layin da yake daidai zai nuna sifili. Layuka biyu suka ƙi. Na garin sabulu ya nuna -600, na shinkafa ya nuna -10,000. Sahun G yana gaya miki ne cewa ɗaya daga cikin lambobi ukun layin ba daidai ba ne, amma bai ce wacce ba. Jimlar ce za ta raba gardama. A layin sabulu wayar ta rubuta 14,700, alhali 6 sau 2,350 shi ne 14,100, kuma wannan 600 yana cikin rarar 2,600 da kike nema, don haka kuɗin layin ne aka karanta ba daidai ba, 1 ya zama 7. Na shinkafa akasin haka ne. Babu wani giɓi na 10,000 a jimla, wanda ke nufin 136,000 daidai yake, farashin ɗaya ne ya lalace. Raba 136,000 gida biyu ya ba ki 68,000, wayar kuwa 63,000 ta rubuta. Wannan kuskuren bai taɓa jimla ba ko kaɗan, da jimla kaɗai kika duba da ba za ki gan shi ba, sai ranar da kike kwatanta farashin buhu na wannan wata da na watan jiya ki ɗauka shinkafa ta yi sauƙi.

Bayan gyara biyun nan duk sahun G ya zama sifili, amma jimla tana 328,200, saura 2,000 a sama. Idan kika ga haka, ki nufi kayan da adadinsu ɗaya ne. A irin wannan layin farashi da kuɗin layi lamba ɗaya ce aka buga sau biyu, in wayar ta kuskure ta farko tana iya kuskure ta biyu iri ɗaya, 1 sau kuskure kuma ya ba da kuskure, G ya nuna sifili. Tunda giɓin 2,000 ne cif, lambar dubbai ce ta canza da biyu, kamar 6 ya zama 8. Ki buɗe hoton ki faɗaɗa layin fulawa, za ki ga 56,500 ne, wayar ta mayar da shi 58,500 a wuri biyu. Da kin gyara, jimla ta zauna a 326,200.

Girman giɓi kansa yakan nuna inda za a duba, kuma akantoci sun daɗe suna amfani da wannan tun zamanin littafin lissafi na takarda. In giɓin ya yi daidai da kuɗin wani layi, an tsallake layin ko an shigar da shi sau biyu, wanda yakan faru a mahaɗar hotuna biyu na dogon rasit. In giɓin ya rabu da 9 ba saura, ki yi zargin an juya lambobi biyu, kamar 72,000 ya zama 27,000, wanda bambancinsu 45,000 ne. Wannan ya fi faruwa idan da hannu aka buga. In kuma rabin giɓin ya yi daidai da wata lamba a rasit, to an haɗa abin da ya kamata a debe. A misalinmu, da wayar ta yar da ɗan layin da ke gaban 3,000 na rangwame, da jimlar ƙarshe ta wuce da 6,000. Ɗan layin nan siriri ne, yana cikin abubuwan da suke fara ɓacewa idan takarda ta dusashe.

Yanzu ƙasan rasit. Debe rangwame daga 326,200 ya bar 323,200. Harajin VAT a Nijeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairu na 2020, kafin nan kashi 5 ne. Idan kika ɗora kashi 7.5 a kan duka 323,200 za ki sami 24,240, rasit kuwa ya ce 4,312.50. Wannan ba kuskuren waya ba ne. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, fulawa, man girki da gishiri ba a ɗora musu wannan haraji, shi ya sa kanti yake sa wa kayan da ke da shi wata alama, tauraro ko harafi. Hanyar tabbatarwa ita ce ki raba kuɗin harajin da 0.075. A nan ya ba da 57,500, wanda shi ne daidai kuɗin robobin zuba abinci, leda da garin sabulu in an haɗa su. Sai 323,200 da 4,312.50 su ba da 327,512.50, ki kwatanta da alat ɗin banki ko takardar POS. In sun yi daidai, rasit ya rufe.

Ki lura da wani salon. Kantuna da yawa farashin da ke kan kanta ya riga ya haɗa da harajin, sai su rubuta kuɗin VAT a ƙasa don sanarwa kawai. Za ki gane haka idan SUBTOTAL da TOTAL suka zo ɗaya duk da akwai layin VAT. A nan ba a ƙara komai. Kayan 10,750 yana nufin 10,000 kuɗin kaya, 750 haraji, kuma ana gano hakan ta raba kuɗin da 1.075. Wanda ya sake ɗora harajin ya kumbura kashe kuɗinsa da abin da bai biya ba.

Rufewar lissafi ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin littafinki yana son sanin me kowane abu ya ci miki. Rangwamen nan na shinkafa ne, don haka buhu biyun sun zo miki a 133,000, kowane buhu 66,500, kuma da wannan farashin za ki yi lissafin kuɗin faranti. Da rangwamen na dukan sayayya ne, sai a raba shi a kan kaya gwargwadon kuɗin kowanne, ko a bar shi layi guda mai alamar debewa. Harajin kuma, in ba ki cikin masu rajistar VAT da ke cire wanda suka biya daga wanda suka karɓa, to wani ɓangare ne na kuɗin kayan, ki ninka kuɗin kowane mai tauraro da 1.075. Robobi sun zama 36,980, leda 9,675, sabulu 15,157.50. Sai sahun H ya tattara su gida uku, kayan girki 265,700, kayan zuba abinci 46,655, kayan tsafta 15,157.50. Haɗa ukun ya dawo da ke kan 327,512.50. In kina da rajista, ki ware wa harajin sahunsa daban, kuma akantan da ke shigar miki da takardun haraji ya duba.

Akwai abin da duk wannan binciken ba zai kama ba, kuma ina so ki san iyakarsa. Lambobin kuɗi kaɗai yake tsarewa. In wayar ta karanta 25L a matsayin 2.5L, ko ta ba leda sunan roba, lissafi zai rufe lafiya. Sunayen kaya ido ne kawai ke duba su, kuma ya fi kyau ki daina amfani da gajerun sunayen kanti, ki tsayar da naki suna ɗaya ga kowane kaya, “Shinkafa buhu 50kg” kullum, don ki iya tace shafin ki ga tarihin farashinta. Kwanan wata ma haka. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, amma in Excel ɗinki yana kan tsarin Amurka zai ɗauki 03/04 a matsayin 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ake nufi, sayayyar ta faɗa wani watan. Rubuta shi da shekara a gaba, kamar 2025-04-03, yana kashe wannan matsalar.

Sai maimaici. Sayayya ɗaya tana iya barin shaida uku, rasit na kaya, takardar POS da alat. Takardar POS shaidar biya ce kawai, ba ta da jerin kaya, don haka ba a shigar da ita a matsayin sayayya ta daban. Kafin ki shigar da sabon rasit, ki nemi lambarsa a sahun B. Ki kuma sa wa hoton suna da kwanan wata, sunan shago da lambar rasit, ki ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya adana takardun lissafinsa shekara 6, takardar na'ura kuwa tana iya yin fari fat tun kafin nan, don haka hoton ne zai zama hujjarki. Kada a kai ta a manne ta cikin roba da injin zafi, baƙi za ta yi gaba ɗaya.

Rasit ɗin hannu irin na 'yan kasuwar Singa ko Dawanau hukuncinsa daban. Rubutun biro a kan takardar kabon yana wahalar da waya ƙwarai, kuma gyaran abin da ta kwafo ya fi bugawa da hannu cin lokaci, don haka ki buga kawai, sannan ki bi matakan dubawa ɗin nan. Bambancin shi ne a nan mai shagon ma yana iya kuskuren ninkawa. In G ya ƙi zama sifili kuma kin tabbatar abin da kika buga shi ne a takarda, kada ki gyara lambar a shafinki, ki shigar da abin da kika biya, ki sa bambancin a layi na daban, ki kira shi ku daidaita. Ki kula da ma'auni, domin adadi yana iya zama katan, farashi kuma na dozin. Ki kuma kula da layin da aka rubuta B/F ko Bal, wanda ragowar bashin baya ne da aka ɗora a kan jimla. Kayan da suka haifar da wannan bashin kin riga kin shigar da su ranar da kika karɓe su, saboda haka yanzu biyan bashi ne, ba ya shiga jerin sayayyar yau. Kuɗin dako da na lodi kuwa, in an rubuta su, ki ba su layinsu da adadi 1.

In kuma wata lamba guda ta goge gaba ɗaya a hoto amma jimla tana nan, za ki iya gano ta ta hanyar debe sauran layuka daga jimlar, sai ki rubuta a gefe cewa lissafo ta aka yi ba karanto ta ba. Idan lambobi biyu ne suka goge, ko jimlar ce ba ta fito ba, ki ɗauki jimlar daga alat ɗin banki, ki koma kantin da kwanan wata da lambar rasit su sake buga miki, tunda yawancin na'urorin kanti suna ajiye cinikin da ya wuce.